Jagora Ga Marubucin Ƙagaggen Labari: Yadda Ake Gina Murya Da Karin Magana Da Salon Mai Ba Da Labari

Marubuci da yawa yakan ɗauka cewa idan ya tara karin magana talatin ya warwatsa su a cikin babobinsa, littafinsa ya sami muryar Hausa ke nan. Abin da yake fitowa daga irin wannan aiki shi ne labari mai sanyi wanda aka yi wa ado, kuma mai karatu yakan gane tun a shafukan farko cewa an liƙa karin maganar ne bayan an gama rubutu. Murya tana fitowa ne daga sanin wanda yake magana, da wanda ake yi wa maganar, da abin da ke tsakaninsu na girma ko kunya ko jiƙaƙƙa. Karin magana abu ne da mutum yake yi wa wani mutum: yana ja masa kunne da shi, ko ya rufe masa baki, ko ya yi masa hannunka mai sanda, ko ya ɓoye fushinsa a ciki. Zan bi matakan wannan aiki da misali guda, wato labarin rikicin gonar gado a Daura.

Ka fara da zaunar da mai ba da labari

Kafin ka rubuta jimla ta farko, ka yanke hukunci a kan abubuwa uku: wane ne yake ba da labarin, a ina yake zaune, kuma su wa suke sauraronsa. Wannan tsohuwar dabara ce a rubutun zube na Hausa. Lokacin da Hukumar Fassara ta Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a 1933, Abubakar Imam yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, kuma Ruwan Bagaja da ya shiga gasar da shi ya ginu ne a kan mutum mai ba da labarin yawonsa da bakinsa ga masu sauraro. A Magana Jari Ce kuma aku ne yake riƙe da labaran, yana da wanda yake ba wa, yana kuma da dalilin da ya sa yake jan zancen. Abin da za ka ɗauka daga nan shi ne tsarin zaman, amma muryar sai ka nemo taka.

A misalinmu, mai ba da labarin tsohuwa ce a wani gida a cikin garin Daura, tana ba jikarta labarin yadda gonar gidansu ta kusa fita daga hannunsu shekaru da yawa da suka wuce. Wannan zaɓi shi kaɗai ya warware maka matsaloli da dama. Akwai wasa tsakanin kaka da jika, saboda haka tsohuwar za ta iya kiran yarinyar kishiyarta, ta tsokane ta, ta kuma faɗa mata abin da uwa ba za ta iya faɗa wa 'yarta ba. Akwai kuma kunya: ba za ta ambaci sunan mijinta ba, sai ta ce Malam ko maigidan, ba za ta kira sunan ɗanta na fari ba, sai ta ce ubanki ko yaron nan. Har ila yau, iliminta yana da iyaka. Abin da ya faru a cikin gida ta gani da idonta, amma abin da aka yi a zaure ko a gaban alƙali ji ta yi, don haka dole ta ce "wai" ko "aka ce mini". Idan ka sa ta tana bayyana abin da ke cikin zuciyar mutumin da yake zaune a kotu alhali tana tsakar gida, muryar ta karye, kai marubuci ne ka leƙo.

Ka saurara kafin ka rubuta

Mataki na biyu aikin kunne ne. Ka nemi izinin wata dattijuwa ko wani dattijo ka ɗauki muryarsa a waya na kamar minti 30. Kada ka roƙe shi tatsuniya, domin da zarar an ce "ga ta nan, ga ta nanku" aka amsa "ta zo mu ji ta", harshe ya shiga wani tsari na daban, na Gizo da Ƙoƙi da waƙa a tsakiya. Ka tambaye shi abin da ya faru da shi: yadda aka yi aurensa, ko shekarar da aka yi fari, ko yadda aka yi hawan Sallar Gani yana yaro. Daga nan ka zaɓi minti 5 ka rubuta su kalma bayan kalma ba tare da gyara ba.

Idan ka dubi abin da ka rubuta za ka ga abubuwan da kunne yake wucewa a kansu. Jimlolin gajeru ne, suna bin juna da "sai" da "ya" da "suka". Mai maganar yakan ɗauko ƙarshen jimla ya buɗe ta gaba da shi: "Ya tafi gidan mai unguwa. Da ya je gidan mai unguwa, sai ya tarar ba ya nan." Yakan tsallake shekaru da "kwanci tashi" ko "ana nan, ana nan", ya rufe wani ɓangare da "shi ke nan", ya buɗe abin mamaki da "ashe". Ba ya tsayawa siffanta ɗaki ko launin sama. Kalma guda irin su "tsit", "jugum", "wuf" ko "kwatsam" ita take ɗauke masa nauyin siffantawa. Kuma ba ya cewa wane ya ji haushi, sai ya kwaikwayi abin da wanen ya faɗa.

Ka ƙirga karin maganar da ke cikin abin da ka ɗauka. Sau da yawa za ka tarar ba su kai yadda kake zato ba, kuma waɗanda suka fito sun fito ne a inda zance ya yi zafi ko inda mai maganar yake son yanke hukunci.

Ba duk abin da baki ya faɗa ne takarda za ta ɗauka ba. Mai magana yana da hannu da fuska da hawa da saukar murya, kai kuwa ba ka da su. Maimaitawar da take da daɗi a kunne takan gundiri ido idan ta zo a kowane layi. Abin da nake ba da shawara shi ne ka bar ɗauko ƙarshen jimla a wuraren da labari yake sauya wuri ko lokaci kawai, ka kuma rage "sai" ta yadda ba za ta buɗe jimloli uku a jere ba, in ba a wurin da abubuwa suke faruwa da sauri ba, kamar faɗa ko gudu, inda jerin "sai" ɗin shi ne yake ba da saurin.

Ka raba wa kowa karin maganarsa

A nan ne aikin ya fi nauyi, kuma a nan ne littattafai da yawa suke faɗuwa. Ka ɗauki takarda ka rubuta sunayen manyan taurarin labarinka, a gaban kowane suna ka rubuta sana'arsa da shekarunsa da matsayinsa a gida. Daga nan ka zaɓar masa karin magana kaɗan, huɗu ko biyar sun isa, waɗanda suka fito daga duniyar da ya sani. Tsohuwar da ta ƙare rayuwarta a tsakar gida za ta fi jawo na kaza da shirwa da tsintsiya da murhu. Bafade zai jawo na sarki da doki. Malamin zaure yakan haɗa karin magana da aya ko hadisi, kuma ba zai yi amfani da masu ɗauke da batsa ko zambo ba. Idan mai karatu ya rufe sunan mai magana da yatsa ya kuma iya gane shi daga irin karin maganar da ya yi, ka yi nasara a wannan mataki.

Sai kuma batun wanda yake da ikon yi wa wani. Karin magana yakan gangaro ne daga babba zuwa ƙarami, ko ya tafi tsakanin tsara. Yaro ba ya duban baffansa ya ce masa ramin ƙarya ƙurarre ne, sai fa idan kana son ka nuna cewa zumunci ya riga ya tsinke, kuma dole ne sauran mutanen da ke wurin su nuna sun ji nauyin abin. Idan ƙarami yana son ya yi karin magana a gaban babba cikin ladabi, yakan jingina shi ga manyan, ya ce "ku ne kuke gaya mana cewa", ta haka ya mayar da maganar tasu. Mace kuma a gidan da ba ta da ikon tunkarar mutum kai tsaye takan bi ta habaici: ta yi maganar ga kaza, ko ga yaron da ke goye, ko ga kishiya, alhali wanda ake nufi yana jin ta ta bayan danga.

Akwai kuma irin karin maganar da ke ɗauke da mai faɗarsa a ciki, kamar "ban sa a ka ba, in ji ɓarawon hula", ko "abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo". Waɗannan na raha ne da shaguɓe. Sun dace da bakin 'yan kasuwa da samari da kaka idan tana tsokanar jika, amma idan ka sa su a zaman makoki ko a bakin wanda yake neman sulhu, sun rushe yanayin.

Misalin aiki: zaman da aka yi bayan sadakar arba'in

Ga yadda sabon marubuci yakan rubuta wurin da ɗan tsohuwar, bayan rasuwar mahaifinsa, ya gano cewa baffansa ya jinginar da gonar:

*Ya yi matuƙar baƙin ciki da jin labarin. Ya dubi baffansa ya ce, "Baffa, Hausawa suna cewa rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, ma'ana duk wanda yake cin amana wata rana asirinsa zai tonu. Kuma komai nisan jifa ƙasa zai faɗo." Baffa ya ji kunya ƙwarai, domin gaskiya ɗaci gare ta.*

Kurakurai huɗu ne a cikin waɗannan layuka. Yaro ya kira baffansa ɓarawo a gaban mutane, kuma babu wanda ya motsa. An fassara karin maganar bayan an faɗe ta, kamar mai karatu baƙo ne. An jera biyu masu ma'ana ɗaya, ta biyun ba ta ƙara komai ba sai rage ƙarfin ta farko. Sannan tsohuwar da muka ce ita take ba da labari ta ɓace gaba ɗaya, wata murya marar gida ce ta karɓe.

Ga wurin idan an mayar da shi bakin tsohuwar:

*Ranar da aka yi sadakar arba'in, bayan mutane sun watse, ni ina bakin murhu ina kankare tukunya, sai na ji ubanki ya yi sallama a zaure. Kin san dangar nan ba ta riƙe magana. Ya gaishe da baffanshi, ya sake gaishe shi, har sau uku, ni kuwa da na ji gaisuwa ta yi yawa na san da magana. Can sai ya ce, "Baffa, na biya ta gona, na tarar da wasu suna sharar ta." Zauren ya yi tsit. Baffan ya ce, "Yaro, abin da babba ya hango..." Bai ƙarasa ba. Ubanki ya ce, "Haka ne, Baffa, Allah ya ƙara girma. To ku ne kuke gaya mana ruwa ba ya tsami banza, shi ya sa na ce bari in zo in ji daga bakinku." Gwaggonsu tana zaune kusa da ni tana tsince wake. Ba ta ɗaga kai ba, sai ta kori wata kaza da ta matso, ta ce da ƙarfi yadda za a ji a zaure, "Ke tafi can! In maye ya manta, uwar ɗa ba ta manta ba." Kishiya, tun da nake ban taɓa jin tari irin wanda baffan nan ya yi ba.*

Karin magana uku ne a nan, kuma kowanne yana aiki dabam. Na baffa makami ne na rufe baki, yana son ya tsaya a kan girmansa don kada a tambaye shi. An bar shi rabi domin duk Bahaushe ya san sauran, kuma yankewar tana nuna cewa shi kansa bai da ƙarfin gwiwar ƙarasawa. Na yaron tambaya ce da aka naɗe cikin ladabi: bai zargi kowa ba, ya dai ce akwai dalili, ya kuma jingina maganar ga manya. Na gwaggo shi ne hukunci, an jefa shi ga kaza, ya sauka a zaure, kuma ya buɗe wata ƙofa a labarin, domin mai karatu zai tambayi kansa wane tsohon laifi ne gwaggo take tunawa. Babu inda aka ce baffa ya ji kunya. Tarin ya isa.

Ka lura kuma da abin da ya riƙe muryar tsohuwar ba tare da karin magana ba. Ta faɗi inda take da abin da hannunta yake yi, ta bayyana yadda aka yi ta ji, ta juyo ga jikarta sau biyu, ta kuma fassara yawan gaisuwa da sanin da ta yi wa mutanen gidan. Gaisuwar sau uku ɗin daga tsarin tatsuniya ta fito, inda abu yakan faru sau uku kafin ya fashe, amma a nan an matse ta cikin layi guda.

Gwajin da za ka yi wa kowane karin magana a littafinka shi ne ka cire shi ka sake karanta wurin. Idan babu abin da ya sauya tsakanin mutanen da ke wurin, ado ne, ka bar shi a cire. Idan ka cire na gwaggo a misalin nan, zaman ya ƙare ba tare da kowa ya yi rinjaye ba, wannan ya nuna yana da aiki. A ganina, babi mai kalmomi 2,000 ba ya bukatar fiye da biyu ko uku, kuma babi yana iya wucewa babu ko ɗaya. Karin magana kamar daddawa yake a miya, idan ya yi yawa shi kaɗai za a riƙa ji.

Karin harshen gari

Labarin da aka kafa a Katsina ko Daura yana jawo sha'awar rubuta komai yadda ake furta shi. Ka yi hattara, domin mai karatu a Zariya ko Bauchi zai gaji idan kowace kalma sai ya tsaya ya warware ta. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ka bar ƙa'idar rubutu ta daidaitacciyar Hausa a yawancin wurare, ka zaɓi alamomi biyu ko uku da za su riƙa dawowa a bakin masu magana, kamar "gidanshi" da "mashi" a maimakon "gidansa" da "masa", ko "ɗiya" a maimakon "'ya". Abin da ya fi muhimmanci shi ne ɗorewa. Idan tsohuwar ta ce "baffanshi" a babi na 2, kada ta koma "baffansa" a babi na 9, sai dai idan tana kwaikwayon bakin wani baƙo ne.

Inda salon baka yake gazawa

Tatsuniya gajeriya ce, taurarinta kuma ba sa canzawa: Gizo mai wayo ne daga farko har "ƙurunƙus". Littafi mai shafi 200 ba zai rayu da irin waɗannan mutane ba. Idan baffa ya zama mugu tsantsa tun daga farko har ƙarshe, ka rubuta doguwar tatsuniya ne. Ka ba shi dalilinsa, wataƙila bashin jinyar ɗan'uwansa ne ya sa ya jinginar da gonar ya kuma ji kunyar faɗa. Wannan zai sa karin maganar gwaggo ya zama abin da za a sake dubawa daga baya, domin mai yin karin magana yana iya yin kuskure, kuma littafi yakan yi ƙarfi idan abin da ya faru ya ƙaryata hukuncin da wani ya yanke da bakinsa. Hausa ma tana da masu karo da juna: wanda ya ce "naka sai naka" za a iya amsa masa da "daɗin zama sai bare", wanda shi ne sauran maganar. Ka bar mutanenka su yi ta jayayya da su, kada ka zaɓi ɗaya ka mayar da shi darasin littafin.

Matsala ta biyu ita ce tunanin zuci. Mai ba da labari da baki ba ya daɗewa a cikin ran mutum, yana bin abin da aka yi ne da abin da aka ce. Idan labarinka yana bukatar a ji abin da ke damun yaron a dare, kana da hanyoyi biyu da ba za su karya muryar ba: ko dai ya zo daga baya ya faɗa wa uwarsa, ita kuma ta kawo mana, ko kuwa ta faɗi abin da ta gani, kamar tuwon da ta tarar da safe bai taɓa ba da fitilar da ta kwana a kunne.

Karatu da murya

Mataki na ƙarshe shi ne ka karanta babin da ƙarfi ga mutum biyu ko uku waɗanda Hausa ce harshensu na yau da kullum, zai fi kyau a sami dattijo a cikinsu. Kada ka tambaye su ko ya yi daɗi, domin kara za ta sa su ce ya yi. Ka dubi abin da suke yi. Inda numfashinka ya ƙare kafin jimla ta ƙare, jimlar ta yi wa tsohuwar tsawo, ka raba ta. Inda mai sauraro ya ƙarasa maka karin maganar da ka bari rabi, wurin ya zauna. Inda ya gyara maka lafazinsa, ka karɓi gyaran ka bincika, domin karin magana yana da siga da aka san shi da ita, kuma sauya kalma ɗaya kan sa ya zama baƙo a kunne. Idan kuwa wani ya ce "ai yaro ba zai faɗa wa baffansa haka ba", ka koma takardar da ka raba wa kowa nasa, ka duba ko ka ba ƙarami abin da ya fi ƙarfin bakinsa, sannan ka yanke ko za ka sassauta maganar ko kuwa za ka bar ta ka rubuta abin da zai biyo bayanta a gidan.